Bashin Sakan Ashirin

Ƙannena masu tashi da asuba kuna gudu a kan hanyar Kagoro, da ku da nake gani da yamma a filin wasa na Kafanchan kuna zagaye har magariba, akwai abin da na daɗe ina so mu yi magana a kai. Ƙafa kuna da ita, numfashi ma kuna da shi. Abin da ke kayar da yawancinku ranar tsere lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Shekarun baya na shiga wani tseren kilomita 10, na ɗaura niyyar gamawa a minti 50. Wato minti biyar-biyar kowace kilomita. Ana busa usur sai taro ya kwashe ni, jiki sakayau, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Na duba agogo a kilomita ta farko na ga 4:35, na ce a raina yau rana ce. Ta biyu 4:45, ta uku 4:55. Da na kai rabin hanya agogo na nuna 24:20, na yi murna wai na ajiye sakan 40 a aljihu. Daga nan labari ya sauya. Ta shida ta ci mini 5:15, ta bakwai 5:25, ta takwas 5:35, ta tara 5:40, ina jin cinyoyina kamar an ɗaura musu buhun citta. Mutanen da na wuce tun farko ina yi musu kallon raini suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har da wani dattijo da ya ce mini "sannu ɗan samari" bai ko yi haki ba. Na ƙarasa a 51:35. Sakan 40 na ajiye a rabin farko, na biya minti 2 da sakan 15 a rabi na biyu. Ko mai ba da bashi da ruwa bai kai wannan tsada ba.

Abin da nake so ku koya kishiyar wannan ne: ka tsara tserenka yadda rabi na biyu zai fi rabin farko sauri kaɗan. Ka ci bashin lokaci da gangan a farko, ɗan kaɗan wanda ka san adadinsa, ka riƙe shi ba ƙari, sannan ka biya a ƙarshe.

Ba dabarar raggaye ba ce. A ranar 8 ga Oktoba 2023, a birnin Chicago, Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya kafa tarihin duniya a gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.195 da awa 2 da sakan 35. Rabin farko ya yi shi a 60:48, rabi na biyu a 59:47. Eliud Kipchoge ma da ya kafa tarihi a Berlin a 2018, rabin farko 61:06 ya yi, na biyu 60:33. Ku lura da ƙanƙantar tazarar: minti ɗaya ga wancan, rabin minti da 'yan kai ga wannan, a gudun awa biyu. Ba wai sun yi tafiyar hawainiya ba ne sannan suka tashi sama. Kuma don kada in ɓoye muku gaskiya, Kipchogen nan dai ya sake kafa tarihi a Berlin a 2022 ta ɗaya hanyar, ya yi rabin farko a 59:51, ya ragu a na biyu, ya gama a 2:01:09. To amma shi ya san jikinsa kamar yunwar cikinsa, raguwar da ya yi ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Ni da ku idan muka fara da zafi ba raguwa muke yi ba, rushewa muke yi.

Dalilin yana cikin jiki. Kowane mai gudu yana da wani sauri wanda ƙasa da shi iskar da yake shaƙa tana isar tsokokinsa, zai iya daɗewa a kai. Da ya haura wannan iyaka, tsoka za ta koma samar da ƙarfi ta hanyar da ke tara tsami fiye da yadda jiki ke iya kwashewa, ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya ƙi komawa daidai. Saurin tseren kilomita 10 dama a bakin iyakar nan yake. Don haka sakan 25 da na ƙara wa kaina a kilomita ta farko ba ƙaramin abu ba ne, tsallake iyakar na yi tun jiki bai gama ɗumi ba. Ga wani abu kuma: a mintunan farko jiki maƙaryaci ne. Zumuɗi da ihun jama'a suna sa 4:35 ta yi maka kamar 5:00. Ba za ka ji kuɗin da ka kashe ba sai bayan minti ashirin, lokacin da babu sauran gyara.

Kafin a yi maganar rabon lokaci sai an sami lokacin da za a raba, kuma nan ne da yawa ke fara yaudarar kansu. Minti 50 ba buri ba ne da za ka ɗauko don ya yi daɗin faɗi. Ka gwada kanka a kilomita 5 da iyakar ƙarfinka, makonni biyu ko uku kafin tseren. Abin da ka samu ka ninka biyu, ka ƙara kamar minti biyu. Wanda ya yi kilomita 5 a minti 24, ninki 48 ne, da ƙarin biyu 50. Wani Ba'amurke mai suna Peter Riegel ya fitar da ƙa'idar lissafin wannan tun 1977, kuma amsar da take bayarwa kusan haka ce. Wanda kuwa kilomita 5 ke ci masa minti 26, ya manta da 50 a bana, nasa 54 ne. Babu tsarin da zai ba ka ƙarfin da ba ka tara ba a atisaye.

Sai a kula da wurin da aka yi gwajin. Na sha ganin yaro ya zagaya filin ƙwallo sau 25 ya zo yana cewa ya yi kilomita 10. Zagaye 25 kilomita 10 ne idan da'irar mita 400 ce, a layin ciki. Amma babban filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68, in ka bi layinsa mita 346 ne kawai, zagaye 25 bai wuce mita 8,650 ba. Filayen makarantunmu ma yawanci ba su kai haka ba. Ku ari tef wajen magina ku auna sau ɗaya, ku kafa duwatsu, ku huta.

To mu ɗauki mai neman minti 50 mu tsara masa. Na zaɓi wannan adadi ne don sauƙinsa: in da a daidai zai yi gudu, agogo zai nuna minti 5 a alamar farko, 10 a ta biyu, 15 a ta uku, haka har 50. Duk sakan da ya hau kan waɗannan lambobi shi ne bashi. A kilomita ta farko ya yi 5:10, bashi sakan 10. Ta biyu da ta uku 5:05 kowacce, bashi ya kai 20, agogo na nuna 15:20. Daga nan a rufe littafin cin bashi. Ta huɗu, ta biyar, ta shida da ta bakwai duk 5:00 cif, wato 20:20, 25:20, 30:20, 35:20. Sai biya: ta takwas 4:55, bashi ya koma 15, ta tara 4:55, saura 10, ta goma 4:50, an wanke. Rabin farko 25:20, na biyu 24:40.

Kada ku yi ƙoƙarin haddace duk wannan. Ƙwaƙwalwar da ta yi gudun minti talatin ba ta iya tara bakwai da takwas ba, na gwada. Ka ɗauki biro ka rubuta a cikin hannunka, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, lambobin bashin kawai:

10, 15, 20, 20, 20, 20, 20, 15, 10, 0

A kowace alama tambaya ɗaya za ka yi wa agogo: sakan nawa ne a kan minti biyar-biyar ɗin? In ka ga 20:24 a alama ta huɗu, bashinka 24, hannunka ya ce 20, bambancin huɗu ne, ba abin tashin hankali ba. Wanda lokacinsa bai rabu da kyau haka ba, misali mai neman minti 52, shi sai ya rubuta cikakken lokacin da ya kamata agogo ya nuna a kowace alama. Kuma ya yi hattara da na'urar lissafi ta waya. In ka raba 52 gida 10 za ta ba ka 5.2, wannan kuwa ba minti 5 da sakan 20 ba ne, minti 5 da sakan 12 ne, domin minti sakan 60 ne ba ɗari ba. Sakan takwas a kowace kilomita sau goma, ka yi asarar minti ɗaya da sakan 20 tun kana zaune a ɗaki.

Lambobi biyu ne ke gabanka a kowace alama, kuma aikinsu daban. Lokacin kilomitar da ka gama yanzu yana gaya maka yadda kake tafiya. Jimillar lokaci tun daga farawa tana gaya maka inda kake. Wanda ke kallon na farko kaɗai zai iya yin 5:04, 5:05, 5:04 yana cewa ai kusan biyar ne, bai ankara ba bashi ya taru ya doshi minti guda. Wanda ke kallon jimilla kaɗai kuma ba zai gane ya fara raguwa ba sai abin ya yi nisa. Ka fara duba jimilla, sannan ka duba ta kilomitar.

Yanzu ga wurin da hankali ke aiki, wato idan agogo ya saɓa wa hannu.

A ce a alama ta farko ka ga 4:45 maimakon 5:10. Wannan ya fi komai faruwa. Kada ka taka birki ka koma 5:30 wai don ka rama, kuma kada ka ce tunda Allah ya ba ni bari in ci gaba. Ka sauko a hankali cikin mita ɗari biyu zuwa saurin da aka tsara, ka bar waɗanda ke gefenka su tafi. Wannan barin shi ne mafi wuya a duk tseren, musamman in wanda ya wuce ka ɗan unguwarku ne. Yawancinsu za ka sake haɗuwa da su a kilomita ta bakwai.

A ce kuma bashi ne ya yi yawa, cunkoso ya riƙe ka, a alama ta uku ka ga 15:32, sakan 12 fiye da tsari. Kuskuren da ake yi shi ne a nemi biyansa a kilomita ɗaya, a yi 4:48 a ta huɗu. Wannan ɓarin ƙarfi ne. Saura kilomita bakwai, ka raba sakan 12 a kansu, bai kai biyu-biyu ba. Ba ma za ka ji shi a ƙafa ba.

Amma akwai bashin da ba ya biyuwa, ya kamata ka san shi tun a gida. Mutuminmu mafi kyawun lokacinsa a kilomita 5 minti 24 ne, da sabuwar ƙafa. In ya kai rabin hanya a 25:50, sai ya yi 24:10 a sauran kafin ya cika 50, wato kusan iyakar ƙarfinsa, da ƙafar da ta riga ta gaji. Ba zai yiwu ba. In ya nace, zai yi kilomita biyu da wuta sannan ya ƙone, ya ƙare a 52. In ya haƙura a nan take ya mai da niyyarsa 51, yana iya samun 50:50. Don haka nake cewa ku je tsere da lamba biyu, ta rana mai kyau da ta rana mai nauyi, kuma alama ta biyar ce wurin yanke hukunci. A nan ka tambayi numfashinka. In za ka iya furta kalma uku ko huɗu a jere, kana da abin biya. In ko sunanka ba za ka iya faɗa ba, lamba ta biyu ce taka.

Wani lokaci ba kai ne ka yi kuskure ba, alamar ce. A ƙananan tserenmu na gida, wanda aka aika ya kafa allunan kilomita sau da yawa da babur ya auna, ko ya kafa inda ya sami inuwa. In ka ga kilomita ɗaya ta zo 4:30 alhali ba ka ji ka ƙara komai ba, ta gaba kuma ta zo 5:30, haɗa su ka raba biyu, biyar-biyar ne, allo ne ya gusa. Shi ya sa ba a sauya gudu saboda alama ɗaya. Sai biyu a jere sun faɗi magana guda.

Masu dogara da waya ko agogon da ke auna nisa ta tauraron ɗan'adam su ma da nasu. Hanyar tsere ta gaskiya ana auna ta ne ta mafi gajeren layin da mutum zai iya bi, kai kuwa kana kauce wa mutane, kana buɗe kwana, na'urar ma tana ɗan kuskurenta, musamman ƙarƙashin itatuwa ko gindin dutse. Sai ka iso ƙarshe ta nuna maka kilomita 10.15. Ƙarin mita 150 ɗin nan a saurin minti biyar sakan 45 ne. Wayarka tana ta yi maka albishir kana kan 5:00, agogon alƙalai kuma ya rubuta 50:45. Kuma kada ku kalli lambar da ke nuna saurin wannan lokacin, tsalle take yi kamar fara. A tseren da aka auna da kyau, allon hanya da agogon hannu na kasuwa mai maɓallin tsayarwa sun fi amfani. Ka danna shi lokacin da ƙafarka ta taka layin farawa, ka kuma tambaya tun farko ko daga usur ake ƙirga lokaci ko daga layin, domin wanda ke bayan taro zai iya rasa sakan 20 kafin ya iso layi.

Duk lissafin nan na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, mu kuwa ƙasarmu ba Kano ba ce. Duk wanda ya yi gudu tsakanin Kafanchan da Kagoro, ko ya nufi Kwoi ko Zonkwa, ya san hawa da gangara ba sa ƙarewa. A hawa ba agogo ake bi ba, numfashi ake bi: ka gajarta taku, ka riƙe wahalar yadda take a fili, ka bar sakan su tafi. Abin da za ka sani shi ne gangara ba ta mayar da duk abin da hawa ya ci. In tudu ya ci maka sakan 15, kada ka sa ran fiye da 8 ko 10 a saukowa. Saboda haka ka bi hanyar tseren tun kafin ranar, ko a kan acaɓa ne, ka san a kilomita ta nawa tudun yake, ka rubuta shi a hannunka. In yana ta bakwai, lambar wurin ta zama 35 maimakon 20, don kada ka gan ta ka firgita. Idan kuwa hanyar gangara ce a farko, hawa a ƙarshe, to rabi na biyu ba zai fi sauri a agogo ba ko me ka yi. A nan abin da za ka ajiye ƙarfi ne: ka sauka gangarar ba tare da ka tura ba. Masu sha'awar zuwa tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda aka fara a 2013, su riƙe wannan da kyau, hanyarsa ta tuddai ce.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Sanyin safiyar Disamba da Janairu ya fi kowane lokaci daɗin gudu, sai dai iskar hunturu in ta tare ka a gaba a hanyar dawowa ta zama tudun da ba a gani. A Maris da Afrilu kuwa, ko a safiyar damina mai gumi, bugun zuciya yana ƙaruwa a hankali ko da saurinka bai sauya ba, domin jini yana rabuwa tsakanin tsoka da sanyaya fata. A irin wannan rana tun daga layin farawa ka ɗauki lamba ta biyu. In kuma ka ji jiri, ko sanyi ya kama ka cikin zafi, ko ka fara tangaɗi, maganar agogo ta ƙare, ka tsaya ka nemi inuwa da ruwa.

Ga masu hangen dogon zango, irin tseren kilomita 21 da aka yi a birnin Kaduna a Nuwamba 2020, ko cikakken yada-ƙanin-wani na Legas da ake yi tun 2016, tsarin ɗaya ne, sai dai ka riƙa yanke hukunci a kowace kilomita biyar, ka kuma tuna da wutsiya. Rabin yada-ƙanin-wani ba 21 cif ba ne, akwai ƙarin mita 97 da rabi, kusan sakan 30 ga mai gudun minti biyar. Na ga wanda ya iso allon 21 a kan lokacinsa daidai, ya ɗaga hannu, sannan ya hango layin yana can gaba.

Abu na ƙarshe, ƙafa ba ta karanta abin da aka rubuta a hannu, sai an koya mata bambancin 5:10 da 4:50. Sau ɗaya a mako, a da'irar mita 400 da kuka auna, ku yi zagaye 15. Biyar na farko kowanne a minti 2 da sakan 4, biyar na tsakiya a minti 2 cif, biyar na ƙarshe a minti 1 da sakan 56. Ku sa ƙaninku ya riƙe agogo a bakin layi. A makonni biyun farko ya riƙa kiran lokacin da ƙarfi kuna wucewa. Daga mako na uku a juya: kai za ka faɗi abin da kake zaton ka yi, shi kuma ya rubuta gaskiyar a takarda, ba zai nuna maka ba sai kun gama. Yawanci a farko za ka tarar zagayen da ka rantse 2:04 ne, 1:57 ne. In zatonka da takardarsa suka daina saɓawa da fiye da sakan biyu, sai ku ƙara zagayen ya zama 18, shida-shida.